Shiru ba kawaici ba ne

Akwai masu cewa rubuta wa aboki saƙon rabuwa rashin kunya ne, wai Bahaushe janye jiki yake yi a hankali. Ban yarda ba. Wanda aka daina ɗaukar wayarsa, yana ganin an karanta saƙonsa a WhatsApp ba amsa, wata da watanni zai yi yana laluben laifinsa, har ya fara aiko mutane biko. Mai shirun kansa ya hutar, ya bar ɗan'uwansa da wasiwasi, sannan ya sa wa abin suna kawaici.

Sai dai masu rubutawar ma sukan ɓata. A ɗauki mutumin da abokinsa ya fallasa masa asiri sau biyu. Ga abin da fushi ke fara rubutawa:

"Dama tun muna makaranta kai munafuki ne, kowa ya san halinka. Duk abin da na yi maka ka manta. Allah ya isa."

Wannan saƙon bai faɗi laifin ba, bai kuma ce an rabu ba. Ya yanke wa mutum hukunci a kan rayuwarsa gaba ɗaya, ya jawo "kowa" shaida, ya ƙara da gori. Amsar da zai samu ita ce "wane ne kowa?", daga nan sai cacar baki har asuba. Ga shi bayan gyara:

"Salamu alaikum, mutumina. Maganar neman aurena da na faɗa maka a asirce ta fita, karo na biyu ke nan bayan mun yi magana a kai. Na yanke shawarar mu tsayar da abotarmu a nan: ba zan ƙara zuwa hira ko kawo maka maganata ba. Ban manta tsayuwar da ka yi mini lokacin jinyar Baba ba. Gaisuwa tana nan, kuma asirinka da ke wurina ba zai fita ba. Allah ya sa mu gama lafiya."

Laifi ɗaya aka ambata, wanda ya san ya faru. An faɗi abin da ya ƙare da abin da ya rage, kuma barin gaisuwa ya raba wannan da gaba, wadda addini ya hana ta wuce kwana uku. Alherinsa aka tuna, ba naka ba. Alkawarin rufin asiri kuwa shi ne jimlar da ta fi nauyi, domin abin da tsohon aboki ya fi tsoro ke nan.

Za a ce saƙon ya yi tsauri, a sassauta da "a ɗan ba ni lokaci". Idan ba ka da niyyar dawowa, wannan ƙarya ce, kuma bayan sallah zai kira ya tambaya ko lokacin ya yi. A kuma tuna cewa mai sakin baki ake rubuta wa: yana iya ɗaukar hoton saƙon ya yaɗa. Na biyun ko a majalisa aka karanta shi, ba wanda zai sunkuyar da kai.