Tafiya Tare Ba Haihuwa Ba Ce

Duk lokacin da kuka ga kanun labari ya ce "bincike ya nuna masu shan kaza sun fi tsawon rai", ku tambayi marubucin abu ɗaya: wa ya zaɓi masu shan? Mu 'yan jarida mun ƙware wajen mayar da "an gan su tare" ya koma "wannan ne ya haifar da wancan", kuma sakacin ba ya tsaya a kan takarda, har ɗakin likita yake kaiwa.

A shekarar 1991 wani babban bincike da ya bibiyi dubban ma'aikatan jinya mata a Amurka ya gano cewa matan da ke shan maganin homon bayan ɗaukewar al'ada, ciwon zuciyarsu bai wuce kusan rabin na waɗanda ba sa sha ba. Alƙaluman gaskiya ne. Likitoci suka yi ta rubuta maganin da niyyar kare zuciya. Sai dai matan da ke shansa ba a makance aka tsinto su ba: galibi sun fi wadata da ilimi, sun fi kula da jikinsu, kuma likita ya fi sakin jiki ya rubuta wa mai ƙoshin lafiya. Wato lafiyar ta riga maganin zuwa.

Da aka tashi gwadawa da gaske, sai aka ƙwace zaɓin daga hannun kowa. Mata 16,608 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu na shan homon iri biyu a haɗe, wasu na shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, don haka gidajen biyu suka yi daidai a komai in ban da maganin. A watan Yulin 2002 aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa. Kariyar da ake taƙama da ita ba ta bayyana ba, sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki kuwa sun ƙaru. Wannan hujja ma tana da iyaka, domin matsakaicin shekarun matan 63 ne, hukuncin bai hau kan 'yar hamsin kai tsaye ba.

Akwai masu kwana-kwana da za su ce, to, tunda ba a taɓa raba mutane da ƙuri'a an sa su shan sigari ba, ashe ita ma zargi ne kawai. Kamfanonin taba sun daɗe suna fakewa a nan. Amma Richard Doll da Bradford Hill sun fara bibiyar likitocin Birtaniya tun 1951, kafin cutar ta kama su. Suka ga sankarar huhu ta ninka sau da yawa a wajen mashaya, tana ƙaruwa gwargwadon yawan karan da mutum ke zuƙa, tana kuma ja da baya ga wanda ya daina. Kwaltar hayaƙin, da aka shafa wa ɓeraye a fata, ta haifar musu da sankara. Mai cewa wani ɓoyayyen dalili ne, sai ya kawo wanda zai bayyana waɗannan duka a lokaci guda, kuma fiye da shekara saba'in ke nan ba a kawo shi ba.