08/05 a Ɗan Issa 8 ga Mayu ne

1/ Ina da magana da ejan-ejan ɗinmu na Gangara da Jibiya masu rubuta ranakun takardu a waya. Ku daina ɗora wa direbobi laifi, wayoyinku ne ke juya rana da wata.

2/ Najeriya da Nijar duk rana muke fara rubutawa, sannan wata. Amurka kuwa wata take farawa da shi. Wayar da aka bari a kan English (United States) tsarin Amurka take bi, manhajoji da yawa kuma wayar suke bi.

3/ Misali: takardar mota daga Ɗan Issa ta ce za ta ƙare 08/05/2025, wato 8 ga Mayu. Ka shigar da ita haka a Excel mai saitin Amurka, ya ɗauka 5 ga Agusta. Direba ya saki jiki wai yana da sauran wata uku, ya doshi Maraɗi da matacciyar takarda. Wa zai biya tarar? Shi fa.

4/ Abin haushin, kuskuren ba ya nuna kansa sai rana ta wuce 12, tunda babu wata na 13. Gwada rubuta 25/05/2025. In ta maƙale a hagun akwatin maimakon dama, Excel bai ɗauke ta kwanan wata ba, saitinka na Amurka ne.

5/ Mayar da harshen wayar English (Nigeria) ko English (United Kingdom), sannan ka bi tsofaffin layukan da takardun a hannu, don canjin saiti ba ya gyara abin da ya riga ya shiga a juye. In za ka tura wa direba saƙo kuma, don Allah rubuta "8 ga Mayu" da baƙaƙe.