Zauren asusu: an ce mu kawo faktir, mu kuwa ba mu da kontar

Wannan karo maganar banki ce, kuma daga kanmu za mu fara, don mun sha tafiya kafin mu gane inda matsalar take.

Ƙungiyarmu a nan Kara-Kara mata 25 ce, kowace tana zuba dala ɗari a mako. Sefa 12.500 ke nan duk zama. Farkon shekara kuɗin ba sa kwana a akwati, bashi ke kwashe su. Amma in rabo ya matso, kowa ta maido abin da ta ci, sai ka ga sama da jaka ɗari biyar a cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gadon mace ɗaya. Tsarin akwati mai kwaɗo uku da Mata Masu Dubara suka faro a yankin Maraɗi a 1991 yana hana ɗayanmu buɗewa ita kaɗai, amma ba ya hana ɓarawo ɗaukar akwatin dungurungum, ba ya hana gobara. Ma'ajiyarmu ta ce ita kam ta daina barci. Shi ya sa muka tura mata uku su buɗe mana kont: shugaba, ma'ajiya da magatakardiya.

Takardun ƙungiya ba su ba mu wahala ba, muna da su. Inda aka tsaya shi ne da ma'aikacin ya ce kowace daga cikin masu sa hannu ta kawo katin ɗan ƙasa, da hoto, da faktir na wuta ko na ruwa. Shugaba haya take, kontar na sunan mai gida. Magatakardiya daga maƙwabta ta ja waya, tana biyan rabonta a hannu. Ma'ajiya kuwa fitila mai batir take kunnawa, ruwa a wurin ɗan garuwa. Suka dawo suka ce mana banki ba na talaka ba ne.

Ba haka zancen yake ba. Tambaya biyu banki ke yi, mu ne muke haɗa su wuri guda. Ta farko: ke wace ce? Ta biyu: ina kike kwana? Kati ne ke amsa ta farko. Faktir na NIGELEC ba ya shaida ko ke wace ce, amfaninsa kawai ya nuna cewa akwai wani gida a wani wuri da ke da alaƙa da sunanki. Dokar UEMOA mai lamba 15 ta shekarar 2002, a aya ta 43, ta wajabta wa banki ya tabbatar da sunan mai buɗe kont da adireshinsa, ta hanyar takardar hukuma ta asali mai hoto wadda wa'adinta bai ƙare ba. Ba ta ce sai faktir ba. Bankuna ne suka saba da shi don ya fi musu sauƙi, kuma kowane banki yana da jerin abin da yake karɓa a madadinsa. Saboda haka in kin je, kada ki ce "ba ni da faktir" ki yi shiru, sai a ce miki to je ki nemo. Ki ce: "Malam, gidanmu babu kontar. Wace takarda kuke karɓa a madadi, kuma sa hannun wa kuke so a kanta?" Ki roƙe shi ya rubuta miki a ƴar takarda. Wannan rubutun ya rage mana zirga-zirga fiye da komai.

Abin da aka rubuta mana shi ne takardar shaidar zama, wadda a biro ake ce wa sartifika da rezidans. Tambayar sa hannu ba ta banza ba ce: wani wuri hatimin komisariya yake so, wani ya yarda da na ma'aikatar magajin gari. In ba ki tambaya ba, kina iya biyan tambur a inda ba shi ne ake nufi ba. Mu ta wurin mai unguwa muka bi, don shi ne ya san wa ke cikin wane gida, a unguwar da yawancin lunguna ba su da suna, ƙofofi ba su da lamba. Shaidarsa muka riƙa muka kai biro, tare da kati.

To a nan ne labarin ma'ajiyarmu ya yi tsawo, kuma a kansa muke so ku tsaya.

Mai unguwa ya san ta shekara da shekaru, amma da sunan mijinta ya san ta, kamar yadda duk muke kiran juna. Da za a rubuta shaida, sai aka rubuta sunanta haɗe da na miji. Katinta kuwa sunan mahaifinta ke kai. Da ta kai banki, ma'aikacin ya aza takardun biyu gefe da gefe ya ce waɗannan mata biyu ne. Ranta ya ɓaci, namu ma. Amma in za mu faɗi gaskiya, mutumin bai yi laifi ba: bai san ta ba, takarda kawai yake gani, takardun kuma sun saɓa. Aka koma, aka sake rubutawa, wannan karo da katin a buɗe gaban mai rubutu.

Sai ta biyu ta ɓullo. Katin nata ya mutu tun bara, ba ta lura ba, don ba ta taɓa bukatarsa ba sai ranar tafiya. Ranar ƙarewa tana rubuce a jikinsa, ku sa yara su karanta muku yau ɗin nan. Ta tafi komisariya sabuntawa, aka nemi takardar haihuwa. Da aka zaro ta daga ƙasan kwalla, sai ga shi harafi ɗaya na sunan ya bambanta da na tsohon katin. Kun san yadda rubutun faransanci ke yi da sunayenmu: a nan Hadiza, can Hadizatou, wani wuri Adiza, Moussa a wannan takarda, Moussah a waccan. A kunne duk ɗaya ne, a biro kuwa ba ɗaya ba ne. Takardar haihuwa ce uwa, ita ake bi. Sabon katin ya fito da sunan yadda yake a kanta, wanda ke nufin shaidar zaman da aka gyara jiya-jiya ta sake saɓawa da kati. Karo na uku ke nan. Mako shida muka yi a kan abin da, da mun san tsarinsa, bai kai haka ba.

Tsarin kuwa daga ƙasa yake tashi: takardar haihuwa tukuna, sannan kati, sannan shaidar zama a ƙarshe. Dalili biyu ne suka sa take zuwa ƙarshe. Daga kati ake kwafe sunan da ke kanta, sannan ba ta daɗewa. Bankin da muka je ya ce kada ta wuce wata uku da yi, kamar yadda ba sa karɓar tsohon faktir. Wadda ta fara da ita sannan ta tsaya jiran kati tana iya tarar da ta tsufa a hannunta.

Wadda ba ta da takardar haihuwa sam, hanyarta ta kotu ce. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoton haihuwa. In sun wuce, sai alƙali ya yi hukuncin da ke tsaya wa takardar, wanda muke ce wa jijima, da shaidun da suka san haihuwarki. Lokaci-lokaci alƙalai kan fito zaman waje don irin wannan aiki, ku riƙa sauraron sanarwa. In an ƙiyasta miki shekarar haihuwa a ranar, ki riƙe ta, kada gobe ki faɗi wata dabam a banki don kin ga an tsufar da ke.

Shugaba ta bi wata hanya, tunda gidan da take haya akwai kontar. Mai gidan ya rubuta cewa tana zaune a gidansa, ya sa hannu, ya ba da fotokofin katinsa da faktir na watan da ya wuce, aka kai aka yi legalize. An karɓa. Ku lura da bambancin: wannan ba aron faktir ba ne. Wata ta ba mu shawarar mu karɓo na maƙwabciya mu ce namu ne, muka ƙi. Sunan da ke kai ba naki ba ne, za a tambaye ki alaƙarku, kuma in ƙarya ta fito daga baya, kuɗin mata 25 ne za su maƙale, ba naki kaɗai ba. Matsalar hanyar mai gida ɗaya ce: wasu masu gida ba sa son sa hannu a komai, wasu kontar ɗin ma na sunan mahaifinsu ne da ya rasu. In haka ne, kada ki ɓata lokaci da roƙo, koma wa shaidar zama.

An kuma ba kowace farar takarda ta zana hanyar gidanta. Mun yi dariya, amma da gaske suke. Ki fara daga abin da baƙo zai gane, babban titi ko makaranta ko masallacin Juma'a, ki ƙirga lungu nawa, ƙofa ta nawa, hagu ko dama. Kada ki sa alama da teburin mai shayi ko tulin duwatsun da ake fasawa, gobe ba sa nan. Lambar wayar da za ki bayar kuma ta zama wadda ke hannunki, ba ta ɗanki da ke tafiya ci-rani ba.

Magatakardiya ta iya sa hannu, sauran biyun dangwale suke yi. Mun san a unguwar nan akwai iyayenmu da cuta ta taɓa yatsunsu, akwai masu fasa dutse da zanen yatsa ya goge. In mai sa hannunku tana cikinsu, ku faɗa tun ranar farko, a gaya muku abin da bankin ke yi a irin haka, kafin ku kashe kuɗin takardu.

Buɗe kont ɗin kansa ba a biya. Tun 1 ga Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya sa shi cikin ayyukan da bankuna ke yi kyauta, tare da ba da littafin ajiya. Kuɗin da za ki fara zubawa naki ne, yana cikin kont ɗinki. Waccan doka ta 2002 ma ta ce mai samun kuɗin shiga a kai a kai, wanda aka ƙayyade sefa 50.000 a wata, in bankuna uku suka ƙi shi a jere, BCEAO na iya zaɓar masa banki, kuma tana da reshe a nan Damagaram. Ba mu kai can ba, kuma ba za mu ruɗe ku ba: wannan haƙƙin ba ya ɗauke wa kowa kawo kati da shaidar adireshi.

Kont ɗinmu ya buɗe saura mako biyu rabo. Zama mai zuwa kowace ta zo da katinta da takardar haihuwarta, ko da ba ita ke sa hannu ba, magatakardiya za ta duba su harafi da harafi. Wa'adin shugaba na ƙarewa bayan rabo, kuma duk wadda aka zaɓa, ita ma sai ta bi layin nan daga farko.