Faifai, Sayen Intanet ko Biyan Wata-wata: Lissafin da Ya Kamata Mai Sayen Gem a Lafiya Ya Yi

A 'yan watannin nan an kawo mana ƙorafi iri ɗaya har sau uku a ofishin ƙungiya: uba ko yaya ya biya kuɗin gem, bayan 'yan makonni yaro ya kunna ya tarar da hoton kwaɗo a kan wasan, ya ƙi buɗuwa. Da muka bi diddigi, sai muka ga duka ukun ba su san abin da suka saya ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu. A ganinmu, ga yawancin gidaje da gidajen gem na Lafiya, faifai ya fi aminci, ragin shagon intanet na biye da shi, biyan wata-wata kuma na mutane ƙalilan ne.

Hanyoyin uku ba abu ɗaya ba ne. Faifai kaya ne a hannunka, kana iya sayarwa, ka ba da aro, ko ka yi musaya. Wasan da ka saya a PlayStation Store izini ne da aka ɗaura wa akawun ɗinka, ba ya ƙarewa, amma ba ka da hanyar sayar da shi. Biyan wata-wata irin PlayStation Plus kuwa haya ce zalla. Ranar da kuɗinka ya ƙare, wasannin da ka karɓa ta cikinsa za su kulle har sai ka sake biya.

Mu ɗauki wasan ƙwallon da aka fi bugawa daga Bukan Sidi har Tudun Gwandara, wanda a da ake kira FIFA, tun 2023 kuma ya koma EA Sports FC. Sabo yana fita ne a ƙarshen Satumba, a kan kusan dala 70 a PS5. Don sauƙin lissafi, a ce dala tana naira 1,500. Kowa ya sa farashin ranar da zai saya.

Wanda ya sayi faifai da fitowarsa zai biya kimanin naira 105,000, ban da ribar ɗan kasuwa. A ce ya buga wata shida, ya sayar a rabin kuɗi. Abin da ya fita daga aljihunsa a zahiri bai wuce 52,500 ba. Amma fa wasan ƙwallo kamar tumatir yake, ba ya jiran mai shi. Wanda ya riƙe faifan har sabo ya fito, sai dai ya karɓi abin da aka ba shi.

Wanda ya haƙura zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin ragin Black Friday, yakan samu wasan a shagon intanet a wajen rabin farashi, wato dala 35, naira 52,500. A takarda ya yi kunnen doki da mai faifai, kuma shi wasan zai zauna masa. Sai dai akwai kuɗi biyu da ba a rubuta ba. Na farko, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da nasu shagon PlayStation, don haka mutanenmu kan buɗe akawun na Amurka ko Birtaniya, su sayi katin kuɗi wurin dillali, shi kuma yana ɗora nasa a kan canji. Katin Amurka ba ya shiga akawun ɗin Birtaniya, wanda ya yi kuskure ya ɗauki asara. Na biyu shi ne data. Wasan yana cin gig arba'in zuwa sama kafin a taɓa ƙwallo, kuma a 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50. Ga kuma man janareto idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar saukewa.

Sai mai biyan wata-wata. A Satumban 2023 an ɗaga kuɗin shekara na ƙaramin matakin PlayStation Plus a Amurka daga dala 60 zuwa 80, wato naira 120,000 a lissafinmu. Gaskiya ne an saka FC 24 cikin wasannin wata, amma sai a Mayun 2024, wata bakwai da fitowarsa, kakar Turai na shirin ƙarewa. Kuma babu alkawarin za a maimaita kowace shekara. Wanda ya biya shekara guda saboda ƙwallo kaɗai ya biya fiye da kowa, ya samu a makare, kuma na aro.

Ba mu ce hayar ba ta da rana ba. Wanda yake son karawa da mutane ta intanet a FC, dole ya biya ta ko da faifai gare shi. Haka matashin da ke da intanet marar iyaka, mai gama wasa biyar ko shida a shekara, shi kam ta fi masa araha nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce, gidaje nawa ne a cikinmu haka? Yawancinmu wasa ɗaya ko biyu ake juyawa shekara guda, a kan kujera ɗaya, da hannu biyu.

Shi ma faifan ba tsarkakakke ba ne. Yana karcewa, ƙurar hunturu tana kashe idon na'ura, kuma yakan nemi sabuntawa ta intanet, ko da yake galibi ana iya buga wasan gida ba tare da ita ba. Akwai ma wasannin da faifansu bai da amfani sai da intanet. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya rufe wasan tseren mota The Crew, masu faifai suka wayi gari da roba a hannu. Saboda haka a duba bayan kwali, idan an rubuta cewa sai da intanet, to a sani haya ce a cikin rigar saye.

Yanzu mu koma kan kwaɗon nan. A duka ƙorafe-ƙorafen uku, wani ne ya ce zai "loda" wasa a rubu'in farashi. Abin da yake yi shi ne ya shigar da akawun ɗinsa a na'urarka, ya sauke wasan, sannan ya sayar wa wani, da wani. Tsarin ya ba da damar akawun ya zauna a matsayin na gida a PS4 ɗaya ne kawai, haka ma a PS5 ɗaya. Da ya mayar da shi na'urar sabon kwastoma, taka ta kulle. Gane shi ba wuya: ka tambaye shi imel da lambar sirrin akawun ɗin, da izinin canza su. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado.

Shawararmu ga mai shirin saye ita ce ya fara daga na'urar kanta. PS5 iri biyu ce, mai ramin faifai da marar rami. Marar ramin ta fi sauƙin kuɗi a ranar saye, amma ta rufe maka kasuwar faifan hannu da aron maƙwabci, sai dai in samfurin da ake saya wa ramin daban ne. In za ka sayi na hannu, a Lafiya ne ko a Abuja, a saka shi a na'ura a gabanka ya gama shiga kafin ka biya. In ta intanet za ka saya, akawun ya zama naka, da imel ɗinka, ka jira lokacin ragi, kuma ka tuna da zarar ka fara saukewa, da wuya a mayar maka da kuɗi. In kuma ka shiga biyan wata-wata, ka kashe sabuntawar kai-tsaye tun ranar farko, don kada a kwashe ragowar kuɗin da ke akawun ɗinka ba ka sani ba.

Masu gidajen gem da ke cikinmu, muna roƙon ku zo taron wata mai zuwa da jerin faifan da kuka gama da su, mu ga yadda za a riƙa musaya tsakanin mambobi. Allah Ya sa albarka a abin da muke nema.

Sakataren Ƙungiya