Jan rai ba gwaninta ba ne

Akwai wani karatu da masu koyar da talla a intanet suke ta biya wa ɗalibansu: idan za ka wallafa jerin hotuna a Instagram, ka ɓoye amsar sai hoton ƙarshe, domin mutane su yi ta jan allo da yatsa. Shi ya sa ake ganin hoto na ɗaya ya ce akwai wani sirri, na biyu ya ce sirrin zai ba ka mamaki, na uku ya ce ka ci gaba. Wannan rowa ce aka sa wa rigar dabara.

Masu wannan ra'ayi kan jingina da George Loewenstein na Jami'ar Carnegie Mellon, wanda a 1994 ya bayyana cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya hango giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake son sani. Sai dai rabin maganarsa suka ɗauka. Ya kuma nuna cewa ɗan bayanin da aka fara bai wa mutum shi ke rura ƙishin. Wanda ba a ɗanɗana masa komai ba, me zai bi?

A ɗauki mai koyar da girki da take bayani kan ƙosai mai shan mai. Hoton farko ya yi tambayar, ya ce dalilai uku ne. Na biyu ya biya bashin nan take: man bai yi zafi ba, kuma gwajinsa shi ne a ɗiga ƙullu kaɗan, in ya taso da sauri to ya yi. A ƙasa sai a ƙara layi ɗaya, cewa ko man ya yi zafi, ƙullun kansa na iya jawo matsala. Na uku ya yi bayanin ruwan da ya yi yawa wajen markaɗe, sannan ya buɗe zancen bugu. Ko a hoto na biyu uwargida ta ajiye waya, ta tafi da abin da za ta gwada gobe da safe.

Shi kansa Instagram ɗin bai goyi bayan marowata ba. Shugabansa, Adam Mosseri, ya ce a 2024 idan mutum ya wuce jeri bai ja ba, sau da yawa akan sake nuna masa shi daga hoto na biyu. Ke nan wanda ya cika hoton da "ci gaba ka gani" ya ɓarar da damarsa ta biyu. Facebook ma tun 2016 ya fara danne kanun labaran da ke ɓoye bayani da gangan.

Gano matsalar ba wuya. Kafin wallafawa, a ware kowane hoto shi kaɗai a tambaya: me mai karatu ya samu a nan? Hoton da ba shi da amsa, a goge shi, ko da jerin zai dawo hotuna huɗu.