Lamba 40 ko 41: lissafin tsukewar rigar auduga

Daga Gaweye, mai neman sabuwar riga sai ya haye Gadar Kennedy ya shiga Babbar Kasuwar Yamai. A can zai ji ɗaya daga cikin maganganu biyu. In ƙaramar lamba ce ta rage a rumfa, sai a ce masa, "Malam, wannan ba ta tsukewa." In babba ce ta rage, sai a ce, "Alhaji, ɗauki wannan, wanki ɗaya za ta dawo daidai da kai." Auduga ɗaya ce, magana biyu. Babu wadda ta zo da adadi a cikinsu, alhali kuɗin da muke miƙawa ƙidayayye ne. To mu yi lissafin da kanmu.

Auduga tana tsukewa, kuma dalilin sananne ne. A masaƙa ana ja wa zare ƙarfi wajen kaɗi da saƙa da rini, musamman zaren tsaye. Yadin ya bushe a miƙe, a yanka shi a haka. Ranar da ya shiga ruwa sai zaren ya kumbura, ya saki wancan jan, ya koma tsawonsa na asali. Shi ya sa tsawo ya fi faɗi raguwa, kuma mafi yawan raguwar a wankin farko take faruwa, sauran ta biyo a na biyu da na uku. Akwai yadin da aka riga aka tsuke shi da inji tun a masana'anta, dabarar da wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya fito da ita a wajajen 1930. Irin wannan ba ya wuce kashi 1 cikin ɗari. Wanda ba a yi wa haka ba yana iya cin kashi 5, wani ma ya haura. Ido ba ya bambance su a kan rataye.

Ga abin da ya same ni. Kewayen wuyana santimita 39.5 ne. Kwalar da zan ɓalla maɓallinta in yi yini a ciki sai ta kai 40.5, don yatsa ya samu wurin shiga. Na tarar da riguna biyu masu dogon hannu, lamba 40 da lamba 41. Na ari abin awon wani tela na auna kwala daga maɓalli zuwa ƙarshen raminsa. Ta farko 41, ta biyu 42. Na gwada ta farko, ta zauna ɗas. Na biya, na haye gada na koma gida.

Bayan wanki uku na sake aunawa. Kwalar ta koma 40. Santimita 1 ke nan cikin 41, wato kusan kashi 2.5 cikin ɗari. Ba tsukewa ce mai yawa ba, amma ta cinye rabin santimitan da nake da shi na rara, ta ƙara da wani rabin. Maɓallin sama ya daina ɓalluwa sai da shaƙa.

Da na zauna da biro tun a kasuwa, da na ga abin yana tafe. A kashi 1, kwala mai 41 za ta koma 40.6, ta tsira da ƙyar. A kashi 3, za ta koma 39.8, ta faɗi. Mai 42 a kashi 3 za ta koma 40.7, ta tsira. A kashi 5 kuwa, ta farko 39 ce, ta biyu 39.9, duka biyun sun faɗi, kuma maganar "ɗauki babba" ba ta ceci kowa ba. Dalilin a fili yake. Tazarar da ke tsakanin lambobin kwala santimita 1 ce tak, alhali kashi 3 na 41 ya kai 1.2. Tsukewar da ba ta taka kara ta karya ba ta riga ta fi lamba guda.

Ƙirji bai shiga wannan hatsarin ba. Nawa 98 ne, rigar 110. Kashi 3 ya mai da ita 106.7, da sauran fili. Abin takaicin shi ne ƙirjin muke dubawa a madubi, shi da ba ya cikin haɗari. Inda ya kamata a auna shi ne inda babu rara, wato kwala da ƙugun wando, da kuma inda tsawo ya yi yawa. Hannun riga mai 63 zai rasa kusan santimita 2 a kashi 3. Ƙafar wando mai 104 za ta rasa fiye da 3, ta ɗangale a saman idon sawu.

Sai batun kuɗi. Mu ce rigar jaka 6 ce. In ka ɗauki babba kuma ba ta tsuke ba, asararka kwala mai ɗan sako-sako da santimita 1, wanda da wuya wani ya lura. In jikin ya yi yawa, telan unguwa zai rage gefe, mu ce a sefa 500. In ka ɗauki ƙarama ta tsuke, tela ba ya ƙara yadin da babu. Mai rumfa ba zai karɓi wankakkiyar riga ba, ko da ka biya kuɗin taksi ka sake haye kogi. Asarar jaka 6 ce cif. Ninki 12 ke nan tsakanin kuskuren biyu. A rigar kwala, in yadin ba ka san shi ba, babbar lamba ce ta fi sauƙin asara.

Amma kada a ɗauki wannan hukuncin a kai shi kan kowace riga. A rigar shan iska mai saƙar roba, wadda ake wa lamba M da L, tazarar tana da faɗi. Sau da yawa M a shimfiɗe faɗinta wajen 51 ne, L wajen 56. Kashi 5 na 56 bai kai 3 ba, don haka L za ta tsaya a kusan 53, ba za ta taɓa zama M ba. Wanda M ta yi wa daidai da ɗan fili, ya ɗauki L da fatan za ta dawo, zai ƙare da kafaɗa a kan damtse. A nan tsawo ne abin dubawa. Mai 71 za ta rasa kusan 3.5 a kashi 5. In ka ɗaga hannu a rumfa ka ga ciki na neman leƙowa, M ba taka ba ce.

Yanayinmu yana ɗan taimakawa. Ruwan sanyi da shanya a igiya ba su tsuke auduga kamar ruwan zafi da injin busarwa, kuma guga da ɗan danshi tana maido kaɗan daga tsawon, har zuwa wanki na gaba. Kayan gwanjo kuwa, in an riga an sa su an wanke, sun gama tsukewarsu. A nan ƙara lamba ɓarna ce.

Mai sayen riguna da yawa iri ɗaya, kamar uban da ke haɗa wa yara kayan makaranta, ya fara da guda. Ya auna kwala da hannu da tsawo, ya rubuta, a wanke sau uku yadda aka saba a gida, ya sake aunawa. Abin da ya ragu ya raba shi da awon farko, ya ninka da ɗari. Da wannan adadin zai koma rumfa ya zaɓi lambar sauran.