Takardun Farashi Uku: Jadawalin Maki Ma Yana Iya Son Kai

Duk wanda ya taɓa aikin sayayya a wani kamfani a Jos ya san al'adar nan ta neman takardun farashi daga 'yan kasuwa uku kafin a sayi kaya. Dokar Sayen Kayayyakin Gwamnati ta 2007 ta wajabta wa ma'aikatun tarayya irin wannan a ƙananan sayayya: takardu uku daga mutanen da ba su da alaƙa da juna, a kuma bai wa mafi araha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ɗan kasuwa mai zaman kansa wannan doka ba ta ɗaure shi ba, don haka da yawa suka koma ga jadawalin maki, inda ake raba maki 100 tsakanin farashi, inganci da sauran abubuwa gwargwadon nauyin kowanne. Ra'ayina shi ne, jadawalin ya fi zaɓen mafi araha ido rufe, amma yana da wata kafa da son kai ke shigowa ta cikinta ba tare da an ankara ba.

Bari mu ɗauki misali da ƙirƙirarrun alkaluma. Wani mai haɗa abincin kaji a Bukuru yana bukatar masara buhu 300. Dillalin Saminaka ya ce naira 38,000 kowane buhu, kuɗi hannu, kaya su iso cikin kwana 7. Na Mangu ya ce 41,000, kwana 4, kuma zai jira kuɗinsa mako biyu. Na kasuwar Katako a cikin gari ya ce 44,000 har ƙofar sito, kwana 2, bashin kwana 30.

Aikin farko ba ba da maki ba ne, daidaita takardun ne. Biyu na farko ba su haɗa da kuɗin mota da dako ba. Idan aka ƙara naira 2,000 kan na Saminaka da 1,000 kan na Mangu, farashin ya zama 40,000, da 42,000, da 44,000. Lalle ne kuma a ɗora buhunan a kan sikeli, domin buhun da ake kira na kilo 100 sau da yawa ba ya cika. Haka nan akwai abin da bai kamata a ba shi maki ba sam. Masarar da danshinta ya haura kashi 14 cikin ɗari tana iya yin fumfuna a sito, gubar fumfunar kuwa tana karya kaji ta rage ƙwai. Wannan sharaɗi ne na shiga: wadda ta faɗi a fitar da ita, kada arahar farashi ta ceto ta.

A ce duka ukun sun tsallake. Mai kamfanin ya bai wa farashi maki 50, inganci 25, saurin kawowa 15, sauƙin biya 10. Makin farashi ana samunsa ne ta raba mafi ƙarancin farashi da farashin kowane mutum, a ninka da 50. Na Saminaka ya sami 50 cif, na Mangu 47.6, na Katako 45.5. Sauran ukun ana auna su daga sifiri zuwa 10. Masarar Saminaka, saboda ƙaiƙayi da ɗan cin ƙwari, ta sami 6, ta Mangu 9, ta Katako 8. A sauri an ba su 5, da 8, da 10. A sauƙin biya kuma 2, da 5, da 10. Da aka raba kowanne da 10, aka ninka da nauyinsa aka tara, na Saminaka ya tashi da 74.5, na Mangu 87.1, na Katako 90.5. Wato mafi tsada ne ya yi nasara, kuma kamfanin zai biya ƙarin naira 600,000 a kan abin da zai bai wa na Mangu.

A nan ne ya kamata mai dukiya ya tsaya ya duba da kyau. A takarda farashi ne ke da rabin makin gaba ɗaya, amma a zahiri bai yanke hukuncin komai ba. Tsakanin mafi araha da mafi tsada akwai bambancin kashi 10 cikin ɗari, wato naira miliyan 1 da dubu 200 a kan buhu 300, amma wannan duka maki 4.5 kacal ya haifar. Sauƙin biya kuwa, da aka ba nauyin 10 kawai, ya raba su da maki 8. Dalili shi ne farashin 'yan kasuwa a kasuwa ɗaya ba ya nisa da juna, alhali makin da mutum ke bayarwa da ganin idonsa yana iya tashi daga 2 ya kai 10. Saboda haka abin da ke zaɓen mai nasara ba girman nauyi ba ne kaɗai, har da tazarar da ke tsakanin makin.

Maganin da nake gani shi ne, duk abin da za a iya mayar da shi naira, a mayar da shi naira kafin a kai shi jadawali. Bashi kuɗi ne, kuma yana da farashi. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari. Idan muka ɗauka mai kamfanin yana karɓar rance kan kashi 30 a shekara, ƙarin kwana 16 da na Katako ya bayar a kan na Mangu bai wuce kimanin naira 600 a buhu ba. Amma jadawalin ya ba wannan bambanci maki 5, wanda a ma'aunin farashi ya haura naira 4,000 a buhu. An sayi abin naira 600 a kan 4,000, kuma babu wanda ya yi ƙarya a lissafi.

Gwaji na biyu mai sauƙi ne: a motsa nauyin a ga ko mai nasara zai canza. Idan sito yana da masarar da za ta kai mako uku, sauri ba shi da wannan daraja. A ba farashi 60, inganci 30, sauri 5, biya 5. Nan take na Mangu ya koma gaba da 90.6, na Katako 88.5, na Saminaka 81.5. Ma'aikacin da ya riga ya ga takardun kafin ya tsara nauyi yana iya fito da duk wanda ransa ke so, ya kuma nuna wa maigida lissafi mai tsabta. Shi ya sa dole a rubuta nauyin da ma'anar kowane maki, a sa hannu da kwanan wata, a kuma sanar da masu kawo kayan tun kafin a buɗe ambulan ko ɗaya. Samfurin masarar ma a zuba shi a kwanuka masu lamba ba suna, mutum biyu su auna kowa da kansa.

Wasu za su ce wannan wahala ce ga ƙaramin kamfani, kuma amana da tsohon dillali ta fi takarda. Akwai gaskiya a ciki, musamman a watannin Yuli da Agusta lokacin da masara ke ƙaranci kuma wanda ya san ka ne kawai zai tanadar maka. To, a ba cika alkawari gurbinsa a jadawalin, a auna shi da littafin sito: sau nawa ya kawo a kan lokaci, sau nawa buhunsa ya gaza nauyi.

Saura abu ɗaya da babu jadawalin da zai gano shi, wato takardu uku da suka fito daga aljihu ɗaya. Kafin a fara lissafi a duba lambar rajistar kowane kamfani a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a kwatanta lambobin waya da sunan da ke kan asusun banki, a kuma lura ko kuskuren rubutu iri ɗaya ya bayyana a takardu biyu.